Wasiƙar Mai Ciwon Gwiwa Zuwa ga Likitan Gashi

   Batun laccar yau shi ne takardar da mai ciwon gwiwa zai rubuta wa likitan gashi, wanda a asibiti ake kira likitan fisiyo, ya bayyana masa yaushe ciwon ya fara, me ke tsananta shi, da kuma abin da aka riga aka gwada.

Na farko: dalilin rubuta takardar

Likitan gashi yana fara gane ciwon gwiwa ne daga labarin da aka ba shi, kafin ya taɓa ƙafar. Hannunsa da idonsa suna zuwa ne su tabbatar da abin da labarin ya nuna, ko su rushe shi. Wannan ya fi ƙarfi a ciwon zaizayewar gaɓa, wanda mutane ke haɗawa da sauran cututtuka su kira sanyin ƙashi. Ƙa'idar da likitoci ke bi a ƙasashe da yawa ita ce, idan mutum ya kai shekara 45, gwiwa tana masa ciwo idan ya yi aiki da ita, kuma ƙagewar safe ba ta wuce minti 30 ba, to ana iya cewa zaizayewar gaɓa ce ko ba a ɗauki hoto ba. Sharuɗɗa uku ne, kuma duka ukun daga bakin majinyaci suke fitowa.

To ina matsalar take? Mutumin Potiskum da aka tura ganin likitan gashi, wani lokaci a nan gari zai gan shi, wani lokaci kuma sai ya kama hanyar Damaturu, kusan kilomita 100, zuwa asibitin koyarwa na jami'ar jihar Yobe, ko ya nufi Maiduguri, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ya yi sammako, ya bi layi, ya shiga ɗaki a gajiye. Aka ce masa, "Baba, yaushe ya fara?" Sai ya ce, "Ai ya daɗe." Aka ce, "Me ke tayar da shi?" Ya ce, "Komai ma." Aka ce, "Wane magani ka sha?" Ya ce, "Wani fari ne da wani ja." Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, amma likita bai samu abin da zai yi aiki da shi ba. Da an zauna a gida daren jiya, hankali kwance, an tambayi uwargida da ɗan da ke sayo magani, da amsoshin sun fito daidai. Wannan zaman na gida shi ake zubawa a takarda. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa a rubuta masa, da boko ko da ajami, muddin akwai mai karantawa a can. Tsohuwar da Karekare ko Ngizim ko Bolanci ko Fulatanci ya fi zama a bakinta kuwa, takardar ta fi yi mata amfani fiye da kowa, domin tafinta a gida ya fi tafinta a gaban likita natsuwa. Shafi ɗaya ya isa.

Na biyu: yaushe ya fara, kuma ta yaya

Mutane da yawa ba sa riƙe kwanan wata, amma suna riƙe lokutan rayuwa. "Bayan girbin bara." "Ana saura mako biyu a kama azumi." "Ranar da aka yi sunan jikana." Duk waɗannan sun wadatar, mai rubutu ya mayar da su wata da shekara gwargwadon iko. Abin da likita yake nema shi ne ya san ko ciwon na kwanaki ne, ko na makonni, ko ya haura wata uku, domin daga wata uku ake lissafa shi a ciwo mai daɗewa, kuma yadda ake kula da shi ya bambanta.

Abin da ya fi ranar muhimmanci shi ne yadda ciwon ya shigo. Akwai wanda ya shigo a ɓoye, ba wanda zai iya nuna ranar da ya fara: yau ɗan tsami bayan doguwar tafiya, bayan wata biyu sai tashi daga tabarma ya fara wuya. Wannan salon zaizayewar gaɓa ne, ko ciwon da ke tasowa daga yawan aiki. Akwai kuma wanda ke da rana da sa'a. Saurayi yana ƙwallo, ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya. Ɗan kamasho ya diro daga bayan tirela. Sa ya fizgi igiya a kara ya murɗe wa mai riƙonsa ƙafa. Idan irin wannan ne, akwai tambayoyi uku da ya kamata takardar ta amsa. An ji wata ƙara a cikin gwiwar lokacin da abin ya faru? An iya taka ƙafar an ci gaba da tafiya, ko ɗauka aka yi? Kuma kumburi yaushe ya fito?

Tambayar kumburin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Gwiwar da ta cika ta yi tam cikin awa ɗaya ko biyu bayan rauni, galibi jini ne ya zuba a cikin gaɓar, kuma abin da ya fi kawo haka shi ne tsinkewar babbar jijiyar da ke tsakiyar gwiwa tana riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba, ko kuma karaya da ta shiga cikin gaɓar. Gwiwar da ba ta kumbura ba sai da dare ko washegari, ruwan gaɓa ne ya taru sannu a hankali, wanda ya fi dacewa da yagewar faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, ko tunzurar gaɓar da dama ta fara zaizayewa. Bayan wata shida, likita ba shi da hanyar da zai ga wannan bambanci da idonsa. Kumburin ya riga ya sauka. Wanda abin ya faru da shi da mutanen gidansa kaɗai suka sani.

Sai kuma tafiyar ciwon daga farawa zuwa yau: yana ƙaruwa, ya tsaya wuri ɗaya, ko yana zuwa yana tafiya? A ambaci tsohon rauni ko da ya shekara ashirin, domin gwiwar da ta taɓa karyewa ko ta goce tana saurin zaizayewa fiye da 'yar'uwarta. A kuma faɗi abin da ya sauya a rayuwa daf da farawar ciwon, kamar sabon aiki, ƙarin ƙiba, haihuwa, ko doguwar jinya a kwance wadda ta cinye tsokar cinya.

Na uku: abin da ke tsananta shi

A nan ne takarda mai kyau ke bambanta da marar kyau, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa.

A fara da wuri. A sa majinyaci ya nuna da yatsa ɗaya, a rubuta abin da ya nuna: gefen ciki, wajen da gwiwoyi biyu ke haɗuwa, gefen waje, gaba, a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko kewayensa, ko baya, a cikin lanƙwasa. Idan ya kasa nunawa da yatsa, sai ya dafe gwiwar duka da tafin hannu, a rubuta hakan ma. Zaizayewar gaɓa ta fi kama gefen ciki, domin nan ne ya fi ɗaukar nauyi wajen tafiya, shi ya sa ƙafar wasu tsofaffi ke buɗewa kamar baka. Ciwon gaba wanda ke tashi wajen saukowa daga bene, ko tsuguno, ko bayan dogon zama da ƙafa a lanƙwashe, yana nuna wajen da ƙoƙon gwiwa ke gogar ƙashin cinya. Ciwon da ke saukowa daga matsematsi ko cinya zuwa gwiwa kuwa, yana iya zama na kwatangwalo ne, gwiwar lafiyarta ƙalau. Wannan ya fi muhimmanci ga yaro mai ɗingishi da kuma mai sikila, wanda kan ƙashin cinyarsa ke iya lalacewa saboda ƙarancin jini.

Daga nan sai ayyuka, kuma kowane aiki a ba shi awo. "Tafiya tana tayar da shi" magana ce da ta dace da kowane mai ciwon gwiwa a duniya. "Daga gida zuwa masallacin Juma'a tafiyar minti goma sha biyar ce, a da ina yi ba tsayawa, yanzu sai na huta sau biyu" magana ce ta mutum ɗaya, kuma likita zai iya komawa kanta bayan mako shida ya ga ko an samu sauƙi. Haka tsayuwa: minti nawa kafin a nemi wurin zama? Haka zaman mota: a kai Damagum ne ciwon ke farawa, ko sai an kusa Damaturu?

Musulmi yana da ma'aunin da ba ya kuskure, domin sau biyar a rana yana lanƙwasa gwiwarsa har ƙarshenta. Salla tana ɗauke da tsayuwa, ruku'u, sauka zuwa sujada, zama tsakanin sujada biyu, zaman tahiya, da miƙewa. Kowanne yana matsa wani sashe na gaɓar dabam. Wanda ke jin zafi wajen sauka da miƙewa, yawanci tsokar cinyarsa ta yi rauni kuma bayan ƙoƙon gwiwa yana shan nauyi. Wanda ke iya sauka amma ba ya iya zama a kan ƙafarsa, gwiwarsa ta daina lanƙwasuwa har ƙarshe, ko saboda ruwa a ciki, ko saboda ƙagewa, ko saboda bayan faifan guringuntsi yana matsuwa. Don haka a rubuta dalla-dalla: wane rukuni ne ke da wuya, tun yaushe aka fara miƙe ƙafa a zaman tahiya, tun yaushe aka koma kan kujera, kuma sallar asuba ce ta fi wuya ko ta isha'i. Ta asuba tana nuna ƙagewar kwanciya, ta isha'i tana nuna gajiyar yini.

Akwai abin da kunya ke hana faɗa a gaban likita, musamman ga iyaye mata, amma alƙalami ba ya jin nauyinsa: tsuguno a bayan gida. Mace ta kai ga rage cin abinci da shan ruwa don tsoron tsuguno, amma a asibiti sai ta ce "da sauƙi". Yaya za a yi likita ya ba da shawarar a kafa mata kujera mai rami ko a sa ƙarfen dafawa a bango, alhali bai san halin da ake ciki ba? A rubuta. Haka girki a kan murhu, wanki a durƙushe, daka, da ɗaukar jarka daga rijiya.

Sai lokutan yini. Ƙagewar safe a auna ta da agogo, ko da abin da aka saba: ta sake kafin a gama alwala, ko sai hantsi? Wadda ta wuce cikin minti goma ko ashirin ta dace da zaizayewa. Wadda ke kaiwa awa guda ko fiye, musamman idan yatsun hannu da wuyan hannu na ɓangarorin biyu suna kumbura, tana nuna cutar kumburin gaɓoɓi ta jiki gaba ɗaya, wadda ke buƙatar gwajin jini da maganin likita, motsa jiki kaɗai ba zai tare ta ba. Ciwon dare ma iri biyu ne: wanda ke tashin mutum idan ya juya ko gwiwoyi suka haɗu, da wanda ke ci ba ƙaƙƙautawa ko an motsa ko ba a motsa ba. Na biyun ya fi tayar wa likita hankali.

Kalmomi biyu suna yawan ruɗa bayani. Idan an ce gwiwa tana maƙalewa, a fayyace: tauri take yi ta saki da an ɗan motsa, ko kuwa tsayawa take cak a lanƙwashe, a kasa miƙe ta sai an girgiza? Wannan na biyu yana nufin wani abu ya shiga tsakanin ƙasusuwan, kuma yana iya kaiwa ga likitan ƙashi. Idan kuma an ce tana sakin mutum, a faɗi ko zafi ne ke sa ta lanƙwashe, ko kuwa zamewa take wajen juyawa ba tare da gargaɗi ba, da sau nawa aka faɗi ƙasa. Ƙarar ƙas-ƙas da ba ta zuwa da zafi kuwa, a ambace ta a wuce, ba ta cika zama abin damuwa ba.

A rufe wannan sashe da lamba daga 0 zuwa 10, inda 0 babu zafi, 10 kuma zafin da ya fi kowane. A ba da uku: a zaune, a tafiya, da mafi tsanani a makon da ya wuce. Kada a ƙara don a tausaya, kada a rage don jarumta.

Na huɗu: abin da aka gwada

Kusan ba mai zuwa wurin likitan gashi kai tsaye. An bi ta kemis, an shafa man zafi, an gasa da ruwan zafi da tsumma, an sha jiƙe-jiƙe, wataƙila an je wurin wanzami an yi ƙaho ko tsaga, ko wurin maɗori. Da yawa suna ɓoye wannan don tsoron faɗa. Ɓoyewar ita ce ke cutarwa. Likita yana son ya san abu huɗu game da kowane magani: sunansa, yawansa, tsawon lokacin da aka yi ana amfani da shi, da abin da ya biyo baya.

Game da ƙwayoyi, a kwafi sunan daga jikin kwali, ko a zuba kwalayen a leda a tafi da su. Dalili shi ne, diklofenak, ibufurofen da firoksikam dangi ɗaya ne. Mutum yana iya shan biyu ko uku a tare da sunayen kamfani dabam-dabam, yana zaton magunguna dabam yake sha. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi yadda yake ƙara haɗari: gyambon ciki da zubar jini a hanji, hauhawar jini, da lahani ga ƙoda. A jihar da ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, musamman a yankin Gashuwa, ba wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan. Haɗarin yana ƙaruwa ga tsoho, da mai hawan jini ko ciwon suga, da wanda ke sha a cikin zafin bazara jikinsa ba ruwa. Sai kuma haɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna. Sau da yawa akan samu deksametason ko firednisolon a ciki. Suna kwantar da zafi nan da nan, amma idan aka daɗe a kansu sai fuska ta cika, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya yi makonni yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, sai da jagorancin likita, domin yankewar gaggawa tana iya kayar da mutum. Wannan kaɗai ya isa dalilin rubuta gaskiya.

Allura ma a fayyace: a ɗuwawu aka yi ko a cikin gaɓar, wa ya yi, yaushe, kuma sauƙin ya kai mako nawa. Allurar cikin gaɓa sauƙinta na makonni ne, kuma idan gwiwa ta yi zafi ta kumbura bayan allura ko tsaga ko sakiya, abin da ake tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga. Idan an je wurin maɗori, a faɗi kwana nawa ƙafar ta yi a ɗaure, domin gwiwar da aka hana motsi makonni tana ƙagewa, tsokar cinya kuma ta zube, har a rasa gane wanne ne asalin ciwon wanne ne sakamakon ɗaurin.

Abin da ya yi amfani ma labari ne. Idan gashi da ruwan ɗumi yana sassautawa, ko tafiya kaɗan tana warware ƙagewa, ko sanda ta rage zafi, likita zai gina a kai. Idan an taɓa koyar da motsa jiki aka ce bai yi aiki ba, a faɗi wane iri, sau nawa a mako, mako nawa. Wanda ya yi kwana huɗu ya bari bai gwada ba tukuna, domin tsoka tana buƙatar makonni shida zuwa goma sha biyu kafin ƙarfinta ya bayyana.

Na biyar: misali da yadda likita zai karanta shi

Ga takarda da aka tsara don wannan lacca, a bakin direban babbar mota, tunda Potiskum gari ne na tireloli:

"Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Shekarata 52, direban tirela ne ni, ina ɗaukar shanu da hatsi daga Potiskum zuwa kudu. Gwiwata ta hagu ce ke ciwo, ta gefen ciki. Ya fara a hankali bayan girbin bara, wajen watan Nuwamba, ba tare da na ji rauni ba. Wata biyu da suka wuce na diro daga kan mota, na ji ya soke ni. Ban ji ƙara ba, na ci gaba da tafiya, washegari ta kumbura, kumburin ya yi mako ɗaya ya sauka. Tun daga nan ya fi da. Da asuba tana yin tauri kamar minti goma. Idan na yi awa biyu ina tuƙi, saukowa yana yi mini wuya, sai na yi taku kamar goma kafin ta sake. Taka kuloci a cunkoso yana tayar da shi. Ina iya tafiyar minti ashirin. Ina sujada, amma tun bayan dirowar nan ba na iya zama a kan ƙafar, miƙe ta nake yi. Tsuguno sai da dafa bango. Ba ta taɓa maƙalewa ba, ban taɓa faɗuwa ba, ba zazzaɓi, sauran gaɓoɓina lafiya. A zaune zafin 1 ne, a tafiya 4, wajen tsuguno 7. Ina shan diklofenak mai miligiram 50 sau biyu a rana wata uku ke nan, idan ina hanya nakan ƙara da firoksikam. Yana ragewa na wasu awoyi, amma yanzu ina jin ƙuna a ƙirji da ciki. An yi mini ƙaho sau ɗaya, ban ga canji ba. Ruwan ɗumi yana taimakawa. Ina da hawan jini, ina shan magani. Nauyina kilo 94. Burina in ci gaba da tuƙi, in kuma iya zaman tahiya. Na gode."

Me likita zai gani a nan? Shekaru, shigowar ciwo a hankali, gefen ciki, da ƙagewar minti goma, duk sun taru a kan zaizayewar gaɓa. Dirowar da kumburin washegari suna nuna gaɓar ta tunzura, wataƙila faifan guringuntsi da dama ya tsufa ya ɗan yage. Da yake ba maƙalewa ba faɗuwa, babu dalilin gaggawar tiyata ko hoto mai tsada, kuma a wannan shekaru motsa jiki shi ne matakin farko. Amma layin da zai fi tsayar da idon likita shi ne na magani: ƙwayoyi biyu 'yan gida ɗaya, wata uku, a jikin mai hawan jini, ga ƙunar ciki. Kafin a fara komai zai tura shi a duba cikinsa, a auna jininsa, a gwada ƙodarsa, a sake masa tsarin magani, wataƙila a koma kan na shafawa wanda bai kai na sha haɗari ba.

Bayan ya duba ƙafar da hannunsa, har da kwatangwalo da baya, tsarin da zai ba shi zai fito ne daga takardar. Ƙarfafa tsokar cinya ta hanyar tashi da zama daga kujera ba dafawa, da ɗaga ƙafa a miƙe, abubuwan da direba zai iya yi a tasha. Saukowa daga mota da baya, yana riƙe da ƙarfe, taki bayan taki, a daina dirowa. Tsayawa a taka ƙasa kafin awa biyun nan ta cika. Rage nauyi, domin bincike ya nuna duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku. Zai kuma gaya masa cewa ɗan zafi lokacin motsa jiki ba laifi ba ne, muddin ya koma yadda yake cikin awa 24 kuma gwiwar ba ta kumbura ba. Idan ya wuce haka, a rage yawan, kada a daina. Bayan mako shida za a ɗauko takardar a sake tambaya: tafiyar minti ashirin ta zama nawa? Bakwai ɗin tsuguno ya sauko? Shi ya sa ake so majinyaci ya ajiye kwafi, ko ya ɗauki hotonta a waya.

Na shida: inda ba a jiran takarda

Akwai halin da zama rubutu ɓata lokaci ne. Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi a taɓawa, ga zazzaɓi, mutum ba ya yarda a motsa ta: a tafi asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta a cikin gaɓa tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki, kuma gashi ko tausa ƙara ɓarna suke yi. Haka wanda ya ji rauni ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ya kasa ɗaga ta a miƙe, ko siffar gwiwar ta sauya. Haka sha-raɓar da ta kumbura ta yi ciwo a ƙafa ɗaya bayan doguwar tafiya a zaune ko bayan haihuwa, domin jini na iya daskarewa a jijiya. Ciwon dare da ba ya lafawa tare da rama ko gumin dare, da yaron da ya fara ɗingishi ba dalili, su ma likita za su fara gani kafin sashen gashi.

Ko a inda babu ɗaya daga cikin waɗannan, takarda rakiya take yi wa majinyaci, ba a aika ta ita kaɗai a ce a rubuto magani. Sai an ga tafiyar mutum, an lanƙwasa gwiwar, an gwada jijiyoyinta da ƙarfin tsokarta, sannan bayanin da aka rubuta zai zama tsarin jinya.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Fili a buɗe yake ga mai tambaya ko ƙarin bayani, kuma wanda yake jin nauyin tambaya a bainar jama'a yana iya rubutowa a takarda a miƙo.